Buhun Maiwada a Kan Sikeli

A Toranke ba a tambayar gidan Hanne mai ƙuli, hanci ne yake kai baƙo har ƙofa. Tun tana 'yar ficiciya uwarta ta zaunar da ita a bakin kasko, ta koya mata suya da murza da sheƙa da matsar mai, kuma tun daga ranar ba ta tashi ba. Ta yi aure, ta haifi bakwai, ta binne biyu. Mijinta Kamalu ya rasu, ta yi takabarta hannu ɗaya da carbi, ɗaya da muciya. Gajeriya ce, mai kaifin ido, irin matan da ko allura ta faɗi a kasuwa sai sun tambayi ta wace ce da nawa aka saye ta. Ba ta san bihim a takarda ba, amma ba a taɓa cutarta a canji ba. Shi ya sa da matan unguwa wajen talatin suka haɗa ƙungiyar masu mai da ƙuli, babu wadda ta tsaya neman shugaba. Dama tana nan zaune.

Gyaɗar kuwa daga hannu ɗaya take fitowa, hannun Maiwada na Gafasa, taubashinta, ɗan kawunta Hamma. Kawu Hamma ne yake kai wa uwar Hanne gyaɗa a kan jaki. Da ya rasu Maiwada ya gaji cinikin, ya gaji rumbun, ya gaji tsohon kwanon awon, ya kuma gaji Hanne da bakinta. Yana noma tasa, yana sayen ta maƙwabta da kaka, yana kawowa a amalanken shanu. Gaisuwarsu guda ce, shekara ashirin da ɗoriya.

"Ɓarawo, ka iso?"

"Na iso, marowaciya. A ba baƙo ruwa, ko shi ma sai an auna?"

Wasan taubasai ne, kowa ya sani. Sai a yi dariya, a sha fura, a yi rigimar wa zai ba wani kuɗin shara bana.

To, shekarar da abin ya faru, wani mai kanti a Kano ya ɗanɗana mansu ya ce yana so kowane wata, jarka-jarka. Aiki ya fi ƙarfin aljihunsu, suka nemi rance a wani ƙaramin banki a Gaya. Banki ya yarda, amma da sharaɗi: ba ya damƙa kuɗi a hannu. Mai gyaɗa zai biya kai tsaye, kuma sai ya ga takardar farashi daga mai gyaɗar, da sa hannu da hatimi, an faɗi kaya kaza, iri kaza, za a kai wuri kaza, rana kaza. 'Yan boko suna ce mata kwoteshan. A wannan makon ne mijin wata 'yar ƙungiya, direba, ya kawo lambar wani kamfanin hatsi a Dawanau. Hanne ta sa aka buga mata, ta yi tambaya ɗaya tak: nawa ne buhun gyaɗa tsaba? Da ta ji amsar sai da ta nemi kujera. Ƙasa da na Maiwada, ba kaɗan ba.

Ran kasuwar Ajingi ta same shi a rumfar 'yan gyaɗa, ta tsaya a kansa.

"Ɓarawo," in ji ta.

Ya ɗago da dariyarsa a shirye, sai ya ga fuskarta babu komai. Kalmar dai ita ce ta kullum, amma duk wanda yake rumfar ya ji cewa yau ba wasa a cikinta.

"Shekara ashirin kana shan jinin marayuna da sunan zumunci. Bana ka sayar wa wata wawuyar."

Maiwada ya dube ta, ya dubi ƙasa. "To, Hanne," ya ce.

Tun da suka girma bai taɓa kiran sunanta ba sai ranar. Ya kaɗa shanunsa ya tafi. Ita kuma ta dawo ta shaida wa mata cewa bana za su ga gyaɗar da ba su taɓa gani ba, sun rabu da ƙaya. Saboda haka dai gyaɗar shekara guda ta mata talatin, da odar mai kantin Kano, duk suka rataya a kan mutumin da Hanne ta ji muryarsa sau ɗaya a waya.

Magatakardar ƙungiya Malama Khairiyya ce, mai koyarwa a firamare, uwar 'ya'ya huɗu, mace mai sanyin magana da taurin kai. Ta zo da biro da takarda ta zauna a tsakar gidan Hanne don rubuta wa kamfanin abin da ake so ya sa wa farashi.

"Rubuta: buhu sittin, a kawo," in ji Hanne. "Shi ke nan. Tashi mu sa kasko."

"Inna, buhu mai kilo nawa?"

"Buhu dai. Buhu yana da ƙane ne?"

"Yana da ƙanne da yayye. In ba mu faɗi nauyi ba, duk abin da ya ɗinke wa baki buhu ne, kuma ba mu da ta cewa. Wace irin gyaɗa?"

"'Yar Dakar mana. Wa zai matsi mai da wata?"

"Ta bana ko ta bara?"

"Ke Malama, wa zai kawo wa mutum ta bara?"

"Wanda ba a ce masa ta bana ba." Ta rubuta. "Bushewa fa? Akwai abin da suke gwadawa da shi. Zan sa kada danshinta ya wuce takwas cikin ɗari, in ba haka ba ta yi fumfuna a buhu, man ya yi ɗaci. Tsintuwa kuma: tsakuwa, ɓawo, ruɓaɓɓiya, motsattsiya, nawa za mu yarda da shi?"

"Ko ɗaya. Ai a tsince gyaɗa take zuwa."

Khairiyya ta ɗago. "Wa yake tsince ta?"

Kun san akwai tambayar da mutum zai yi shekara sittin bai taɓa cin karo da ita ba, kamar a ce wa yake ɗaura wa kaza ƙafa. "Haka take zuwa," in ji Hanne, muryar ta ɗan ragu.

"To. Zan sa kada datti ya wuce biyu cikin ɗari. A ina za a sauke?"

"Nan zaure."

"Wa zai biya lodi, da mota, da kuɗin hanya, da 'yan dako masu saukewa?"

"Wane 'yan dako? Ni dai in na fito nakan tarar da ita a jingine a zaure."

"Da ƙafarta take shigowa ke nan, Inna."

"Ki kiyaye ni, 'yar nan."

"Sittin ɗin a lokaci guda?"

"Ina za mu zuba? Ɓeraye su yi mana biki? Kaɗan-kaɗan dai, in ta ƙare a kawo wata."

"Kafin ta ƙare a ina take zama? Wa yake gadinta? Kuma ta watan bazara, da farashin kaka za a ba mu ita?"

"Yadda aka yi magana da kaka, ai haka ne har bazara. Haka Kawu yake yi wa Innata."

Khairiyya ta ajiye biro. Ta ce ba za ta rubuta nauyi da ka ba. Akwai buhu ɗaya na Maiwada da ya rage a zaure ba a farke ba, a kai shi sikeli a ga abin da suke kira buhu, sai a nemi irinsa.

Aka ɗora shi a baro zuwa wajen mai sayen riɗi a bakin hanya. Ƙarti biyu suka ɗaga da nishi, ɗaya yana cewa, "Inna, duwatsu kika zuba?" Allurar sikeli ta wuce ɗari, ta ci gaba da tafiya, ta tsaya a ɗari da goma sha uku.

"Sikelinka ya ci kai," in ji Hanne.

"Da shi nake saye, Inna. In zai yi ƙarya, ragewa zai yi, ba ƙari ba."

Ta sa aka tura baron zuwa wani sikelin na mai taki. Bai canza ba. Ta tsaya tana kallon buhun, dogo, an yi masa hula da wani ƙyalle an ɗinke saboda bakin ya ƙi haɗuwa. Sau ɗari nawa ta ga wannan hular, ba ta taɓa tambayar me ya sa buhu zai sa hula ba. Kwano arba'in ne dai, kamar na kowa. Amma kwanon Kawu Hamma ne, na mutanen da, mai zurfi, kuma Maiwada yana awo yadda ubansa yake yi: a cika, a yi tozo, a tare da hannu, a juye har da abin da ke kan damtse.

Hanne ta ce, "Ko ma dai mene ne, na Dawanau ya fi araha. Rubuta."

Khairiyya ta rubuta, ta kai Gaya aka buga da na'ura. Abin da sittin na Maiwada suke ɗauka, a buhu mai kilo ɗari cif ban da nauyin buhun, ya kama sittin da takwas. Gyaɗa tsaba, 'yar Dakar, noman bana, da iyakar danshi da iyakar datti, a sabon buhu. A kawo kashi uku, ashirin da huɗu da kaka, sannan ashirin da biyu sau biyu, wata bibbiyu tsakani. A sauke cikin zauren shugaba a Toranke, a auna a gaban masu kaya, abin da ya saɓa a mayar a canzo a kuɗin kamfani. A turo samfur. A rubuta kuɗin kowane abu a layinsa, a faɗi yadda ake son biya da tsawon kwanakin da farashin zai tsaya, a sa hannu da hatimi, amsa ta iso kafin ranar da banki ya yanka. Hanne ta dangwala yatsa, aka ɗauki hoton takardar aka tura ta waya, direban nan ya kai ta hannu.

Ba a rufe mako ba amsa ta zo, har da samfur a leda. Gyaɗa mai kyau, babu abin kushewa. Mata suka cika tsakar gida, Khairiyya ta fara karantawa. Layin farko kansa ya ɗara abin da Hanne ta ji a waya. Sai na tsintuwa. Sai na ajiya. Sai mota sawu uku, sai ƙaramar mota daga inda kwalta ta ƙare, don babba ba ta shiga yashi. Sai 'yan dako can da nan. Rabin kuɗi kafin lodi. Farashin nan na mako biyu ne, in ya wuce sai an sake wani. Da Khairiyya ta gwada jimlar da rancen, buhu hamsin da ɗaya kawai zai ɗauka, ga odar Kano tana neman sittin da takwas.

"Buga masa," in ji Hanne. "Buga wa maƙaryacin."

Manajan, wani Abdulsalam, ya ɗauka da ladabi.

"Kai yaro, ba kai ka faɗa mini farashi da bakinka ba?"

"Ni ne, Hajiya, kuma yana nan, ko yau kika zo. Kin tambaye ni buhu, na faɗa miki buhu: yadda ya sauko daga ƙauye, kilo casa'in ko da ɗan ɗori, ba tsintuwa, a ƙofar sitonmu, ki kawo motarki. Wannan takardar kuwa wani abu daban kuka nema, kuma kun nema da kyau, ban taɓa samun mai tsabtarta daga ƙungiyar mata ba. Amma don Allah in yi tambaya. Da wa kuke ciniki a da?"

"Ina ruwanka?"

"Yanzu da Malama ta bugo take ce mini duk wannan yana yi muku a kan kuɗin da bai kai na takardarmu ba. In gaskiya ne, ko dai waliyyi ne, ko bai iya lissafi ba. Ko wanne ne, a ba ni lambarsa, ina neman irinsa."

Babu wadda ta yi dariya. Mata suka bi Hanne da ido, ita kuma ta bi ƙasa. Wata tsohuwa daga baya ta ce, a hankali amma kowa ya ji, "Araha dai ba ta ado." Hanne, wadda ko limami bai taɓa rufe mata baki ba, ta tashi ta sauke kasko da rana tsaka.

Washegari ta ɗauki takardun biyu da Khairiyya, suka hau babur zuwa Gafasa. Rabonta da gidan kawunta tun wani suna, don kullum shi yake zuwa. Tana shiga ta tsaya cak. Tsakar gida tabarmi ne shimfiɗe, gyaɗa a baje, Ummi matar Maiwada da 'ya'yanta mata sun duƙufa da faifai suna tsinta ɗaya-ɗaya. Gefe ga tarin wadda aka fitar, ya kusa gwiwa. A turke kuma, inda a da ake ɗaure shanu shida, biyu ne suka rage, na amalanke.

Ummi ta miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu. "Yaya Hanne, ke ce a gidan ɓarayi? Sannu da zuwa. Riƙe jakarki da kyau."

Maiwada ya fito daga rumbu, ya gaishe su kamar baƙin da suka ɓata hanya. Hanne ba ta iya ba da haƙuri ba, ba ta taɓa koya ba. Ta dai ce, "Malama, karanta masa. Duka biyun."

Khairiyya ta karanta layi-layi. Hanne ta zaci zai yi murmushin wanda Allah ya wanke. Ina. Tun daga layin tsintuwa fuskarsa ta fara sauyawa. Da aka zo ajiya ya zauna a kan turmi. Da aka faɗi nauyin buhunsa ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ɗari da nawa?"

"Da goma sha uku, Baba."

"Kowane buhu?" Ya juya ya dubi turken shanunsa, ya daɗe yana kallo. "Ni fa na ɗauka shekaru ne suka lalace. Duk bazara in sayar da sa in cike giɓi, in ce Allah ya kawo damina mai kyau. Ashe ana biyan kuɗin ajiya? Ashe tsintuwa kuɗi ce?"

"Tambayi bayana," in ji Ummi. "Shi ya daɗe da sani. Na faɗa maka ya fi sau shurin masaƙi, ka ce haka Baba yake yi. Baba da buhu huɗu yake yi, a kan jaki, don ƙanwarsa. Kai ka ɗauki mata talatin ka goya."

Wato dai ba waliyyi ba ne. Shi bai taɓa ƙirgawa ba, ita ba ta taɓa tambaya ba, don a wurinsu ɗan'uwa ya ce wa ɗan'uwa kilo nawa, wa zai biya dako, ai zagi ne. Sai da aka zo yi wa bare bayani dalla-dalla, wanda babu kunya tsakani, sannan kowa ya ga abin da yake ci da abin da ake ci masa.

Hanne ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "To yanzu ya za a yi? Banki ya yanka rana."

Maiwada ya mayar da hularsa. "Wannan ta farkon, wadda kuka rubuta wa mutumin Dawanau. A rubuto mini irinta, da sunana. Yadda aka girmama bare da tambaya, ni ma a girmama ni."

"Kai da ko hatimi ba ka da shi?"

"Ana sassaƙawa a Gaya. Asusu ma ana buɗewa."

"Kuma layin tsintuwa nawa ne," in ji Ummi. "Da sunana za a rubuta shi, Malama, kada ki manta."

Haka aka yi. Takardarsa ta isa banki ana jibi a rufe, da hatimi sabo fil har tawada tana kama hannu. Buhu kilo ɗari cif, a kan sikelin da ya saya. Tsintuwa da layinta, ajiya da layinta, amalanke da layinsa. Farashinsa ya fi na Dawanau sauƙi, don babu motar Kano a ciki, amma ya ɗara abin da suka saba biya nesa ba kusa ba. Rancen ya ɗauki buhu sittin da ɗaya. Sauran bakwai ɗin, don kada odar Kano ta kuɓuce, mata suka yi karo-karo, Hanne ta sayar da tumakinta biyu ta cike, ba wanda ya sa ta, ba kuma wadda ta hana ta. Ita da bakinta ta tsaya gaban mata ta ce garin neman araha ta jawo musu tsada. Ba su sauke ta ba. Sun dai samu abin da za su riƙa tuna mata duk ranar da ta ɗaga murya.

Kwanon Kawu Hamma yanzu kaji ne suke shan ruwa a ciki.

Ranar da kashin farko ya iso, Hanne ta fito zaure ta tarar ana saukewa, buhuna gajeru, babu mai hula ko ɗaya. Maiwada yana tsaye da sikelinsa, bai dube ta ba sai da aka auna na ƙarshe, Khairiyya ta sa hannu. Ita kuwa ta rasa da wace kalma za ta tare shi, tunda ta dā ta ƙone a bakinta. Shi ne ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda 'yan dako da maƙwabta za su ji.

"Ɓarauniya, kin fito? Shanu huɗu kika ci mini, ko ƙaho ba ki bari ba. A ba baƙo ruwa."

Ta shiga ta damo fura a babbar ƙwarya, ta cika ta har tana zuba, ta miƙa masa. Ya leƙa ciki, ya dube ta.

"Wannan kilo nawa ce?"

"Sha ka ba ni ƙwaryata," in ji Hanne.

Har yau da wannan sunan yake kiranta, a zaure da tsakiyar kasuwa, kuma ba a taɓa jin ta rama ba.